Sabuwar Waya, Baƙon Harshe: Me Ake Tambayar Mutum a Kunnawar Farko?

Kusan duk wanda ya taɓa sayen sabuwar waya a Daura ko Katsina ya san wannan yanayin: an ɓare kwali, an kunna waya, sai ta ƙi kai mutum inda zai yi kira, ta tsaya tana jero masa shafi bayan shafi da Turanci. Wani lokacin ma da Faransanci ne idan daga Maraɗi ko Damagaram ta fito, ko da Larabci idan tsarabar aikin Hajji ce. Abin da mafi yawanmu ke yi ɗayan biyu ne, ko dai mutum ya yi ta danna duk maɓallin da ya fi haske har ya ga ya fita, ko kuma ya miƙa wa yaron shago ya ce a yi masa setin. Tambayar da ya kamata a tsaya a kanta ita ce: mene ne wayar ke tambaya a waɗannan shafuka, kuma wace amsa ce idan aka yi kuskure a kanta ake daɗewa ana biyan bashinta?

A fahimtata, shafukan ba darajarsu ɗaya ba, kuma ba sai mutum ya iya harshen gaba ɗaya zai tsira ba. Tambayoyi uku ne ke ƙarƙashinsu: ta wace hanya wayar za ta hau intanet, da sunan wa za a rubuta ta, kuma me za a ɗauko mata daga tsohuwar. Ta farko ana gyara ta cikin minti guda. Ta biyu da ta uku su ne ke janyo asarar lambobi da hotuna, har ma da rufewar waya gaba ɗaya.

Harshen kansa shi ne abu mafi sauƙin gyarawa

A shafin farko, wanda ke yi wa mutum maraba, ana rubuta sunan harshen da wayar ke kai, kamar English (United States) ko Français (France). Wannan rubutun ba ado ba ne, maɓalli ne. Idan aka taɓa shi, jerin harsuna zai sauko, kowane harshe an rubuta shi da sunan da masu shi ke kiransa, don haka wanda bai san ko harafi ɗaya na Larabci ba zai iya gangarawa har ya ga English. Wayoyi da yawa da ake yi domin kasuwar Afirka, irin su Tecno da Infinix da itel, sukan zo da Hausa a cikin jerin, ko da yake fassarar ba ta kai kowane lungu ba, wasu shafukan sukan koma Turanci. Ita kuwa iPhone ba ta da Hausa a matsayin harshen da take magana da shi. Sauya harshe ba ya goge komai, kuma ana iya sake shi daga baya a duk lokacin da aka so.

Wanda ya riga ya wuce shafin farko zai iya komawa baya da kibiyar da ke ƙasan allo. Idan kuwa ya zaɓi ci gaba a haka, kalmomi biyu ne suka fi muhimmanci: ta ci gaba da ta tsallakewa. A Turanci su ne Next da Skip, a Faransanci Suivant da Ignorer ko Passer, a Larabci التالي da تخطي. Akwai kuma abin lura game da Larabci: tunda daga dama ake rubuta shi, shafin gaba ɗaya yakan juya, maɓallin da aka saba gani a dama ya koma hagu, sai wanda ke dannawa bisa sabo ya tsallake abin da ya yi niyyar amincewa da shi.

Shafin Wi-Fi: abin da yake nema da abin da ke hana shi

Wayar na neman intanet tun kafin a fara aiki da ita saboda dalilai uku: ta duba ko akwai gyaran da kamfani ya fitar bayan an rufe kwalinta, ta tabbatar ba a ɗaure take da asusun wani ba, sannan ta ba da damar shiga asusu. Ta fi son Wi-Fi ne kawai domin abin da za ta sauko da shi yana iya yin nauyi. A nan wajenmu gidajen da ke da Wi-Fi na dindindin ba su da yawa, don haka mafi yawan mutane suna da zaɓi uku: a kunna hotsifot daga wayar wani, a yi amfani da datar layin da aka sa a ciki idan shafin ya nuna Use mobile network for setup, ko a tsallake gaba ɗaya ta Set up offline ko Skip. Wanda ya tsallake zai shiga wayar, amma babu shiga asusu, babu maido da kayan tsohuwar waya a wannan zaman.

Kalmar sirrin Wi-Fi ba ta gaza haruffa 8, kuma tana bambanta babban baƙi da ƙarami. A nan ne baƙon harshe ke yin ɓarnar da mutane ba sa zato. Wayar da ke kan Faransanci takan fito da allon rubutu na Faransawa, inda A ta zauna a gurbin Q, Z ta zauna a gurbin W, M kuma ta bar layin ƙasa ta hau na tsakiya. Yatsan da ya saba zai rubuta kalmar da ba ita ba, tunda kuma ɗigo-ɗigo ne ke fitowa, mutum ba zai ga kuskurensa ba. Maganin shi ne a taɓa alamar ido ko akwatin Show password domin haruffan su bayyana. Idan allon Larabci ne, ƴar alamar duniya da ke kusa da dogon maɓallin tazara ita ce ke juya shi zuwa boko.

Yana da kyau a bambanta saƙonni biyu da ke fitowa idan abin ya ƙi. Wanda ke nuna kalmar sirri ba daidai ba ce yana nufin ba a shiga ba sam. Wanda ke cewa Connected, no internet ko makamancinsa yana nufin an shiga, amma ita wayar da ke ba da hotsifot ɗin datarta ta ƙare ko sabis ya ɗauke. A wannan yanayi na biyu, sake rubuta kalmar sirri sau goma ba zai amfana da komai ba.

Asusu: da sunan wa aka rubuta wayar?

Nan ne zuciyar maganar. Shafin da ke cewa Sign in yana neman adireshin imel na Google da kalmar sirrinsa, a ƙasa kuma akwai Create account ga wanda bai da shi, wato Créer un compte a Faransanci. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan asusu a matsayin wani sharaɗi da ake cikawa domin a samu sauko da WhatsApp. Alhali shi ne rumbun da lambobin mutane da hotuna da ajiyar hirarraki ke taruwa, kuma shi ne makullin wayar kanta.

Abin da ya faru da kawuna zai nuna yadda abin ke aiki. Dillalin dabbobi ne, harkarsa a kasuwar Mai'aduwa take, kuma rabin jarinsa lambobin waya ne: na masu kawo shanu daga Nijar, na direbobin tirela, na abokan ciniki a Kudu. Wani abokin harkarsa ya kawo masa sabuwar waya daga Damagaram, tana kan Faransanci, sai ya aiko a kira ni bayan la'asar. Na same shi a zaure a kan tabarma, sabuwar a hannun dama, tsohuwar mai tsagaggen gilashi a hannun hagu. Muka mayar da harshen, na kunna masa hotsifot daga tawa, muka iso shafin asusu.

Na ce, "Kawu, mene ne imel ɗinku?"

Ya ce, "Kai ɗana, ni ina na san wani imel? Yaron da na sayi waccan a wurinsa shi ya yi komai, ni dai ya miƙo mini tana aiki."

Shekara uku ke nan da aka yi hakan, kuma bai san inda yaron yake ba yanzu. Da mun danna Create account mun buɗe sabo, da wayar ta buɗe lafiya lau, amma fayau, babu lamba ko ɗaya. Abin da ya cece mu shi ne tsohuwar wayar tana da rai. Na shiga Settings a cikinta, na taɓa Google, sai ga adireshin a rubuce a sama. Kalmar sirrin ce babu wanda ya sani. Na rubuta adireshin a sabuwar, na taɓa Forgot password?, sai aka ce za a tura lambar tabbatarwa zuwa wani layi da aka nuna ƙarshen lambarsa kawai. Kawu ya duba ya ce ba nasa ba ne, ba na kowa a gidan ba ne. Ashe yaron shagon da nasa layin ya buɗe asusun.

Muka taɓa Try another way, sai aka aika tambaya zuwa tsohuwar wayar, tunda har lokacin asusun na cikinta, ana son a tabbatar mai ita ne ke ƙoƙarin shiga. Muka amsa, aka ba mu damar sa sabuwar kalmar sirri. Nan take muka cire lambar yaron muka sa ta kawu, muka rubuta adireshin da kalmar sirrin a littafin da yake lissafin bashi. Da a ce tsohuwar wayar sace ta aka yi ko ta faɗa ruwa, da wannan ƙofar ma babu ita, kuma babu wani ofishi a Daura ko Katsina da za a je a yi rantsuwa a karɓo asusun.

Wannan shi ya sa batun layi yake da nauyi. Lambar da aka sa a asusu ita ce ake tura wa saƙon tabbatarwa mai lambobi 6. Layin da aka daɗe ba a aiki da shi kamfanonin sadarwa sukan karɓe shi su sake sayarwa, don haka a sa layin da aka yi wa rajista da sunan mai wayar, wanda yake hannunsa kullum.

Me ya sa wata wayar ke ƙin buɗewa sam?

Tun daga Android 5.1, wanda ya fito a 2015, an sa wa wayoyi wani tsari domin karya kasuwar ɓarayi. Idan aka goge waya ba tare da an fara cire asusun da ke cikinta ba, musamman irin gogewar da ake yi ta hanyar danne maɓallan gefe, to a kunnawar farko za ta tsaya ta nemi makullin allonta na da, ko asusun da ke cikinta kafin gogewar. Saƙon yakan fara da This device was reset. Kamfanin Apple yana da irin nasa tun 2013, wanda ake kira Activation Lock.

Tasirin wannan ga talaka iri biyu ne. Na farko, wanda ya manta makullin allonsa ya kai aka yi masa fomatin, kuma bai san asusunsa ba, zai tarar wayarsa ta halak ta kulle shi a waje. Na biyu, ga mai saye: wayar da aka ce sabuwa ce dal ba za ta taɓa neman tsohon asusu ba, don haka idan wannan saƙo ya fito, hannu ya riga ya taɓa ta. Shi ya sa ya dace a haɗa ta da intanet a wuce wannan mataki tun a gaban mai shago, kafin kuɗi su bar aljihu. Masu gyara sukan ce za su cire da filashin, wani lokacin kuma a dace, amma a sababbin wayoyi abin na ƙara wuya, kuma wanda ke riƙe da wayar da ba a san asalinta ba yana iya samun kansa yana amsa tambayoyin da bai shirya musu ba.

Ajiya da maidowa: tambayoyi biyu da ake ɗauka ɗaya

Kalmar Backup, ko Sauvegarde a Faransanci, tana nufin adana kwafin abin da ke cikin waya a wani wuri daban, a nan cikin asusun Google. Restore kuwa, ko Restaurer, shi ne ɗauko wannan kwafi a zuba a sabuwar. Shafin Copy apps & data yana kallon baya ne, yana tambayar ko a ɗauko na tsohuwar. Shi kuma maɓallin ajiya da ke cikin shafin Google services yana kallon gaba, yana tambayar ko ita sabuwar ta riƙa adana nata. Mutum zai iya amincewa da ɗaya ya ƙi ɗaya ba tare da ya sani ba.

Abin da ajiyar ke ɗauka shi ne jerin manhajoji, tarihin kira, saƙonnin tes, da saituttukan waya. Hotuna hanyarsu daban, ta Google Photos suke bi, kuma sai an kunna. Manhajar banki za ta dawo, amma sai an sake shiga an sake tabbatarwa. Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, wanda imel da hotuna da sauran ajiya ke rabawa, Apple kuma gigabait 5 yake bayarwa.

Ga inda yanayinmu ke shigowa. A yadda aka tsara ta tun asali, wayar kan yi ajiyar ne da kanta idan tana kan Wi-Fi, tana caji, kuma an ajiye ta ba a taɓawa. Wanda bai taɓa hawa Wi-Fi ba, kuma a wurin mai caji yake kai wayarsa, zai iya shekara yana ganin maɓallin a kunne alhali ba a adana komai ba. Hanyar ganewa ita ce a duba ranar ajiya ta ƙarshe. Da muka duba ta kawu, ta fi shekara biyu. Saboda haka muka dakatar da sabuwar a inda take, muka koma kan tsohuwar. Da farko muka leƙa lambobin, muka ga kusan rabinsu a cikin wayar kanta ko a kan sim aka adana su, ba a asusu ba, waɗannan kuwa babu tabbacin za su bi mutum, sai muka kwashe su zuwa asusun. Sannan muka danna Back up now muka jira ta gama. Sannan muka shiga WhatsApp, Settings, Chats, Chat backup, muka yi nasa daban.

Na WhatsApp yana buƙatar kulawa ta musamman, domin a nan kawu ke da saƙonnin murya na ciniki da hotunan rasit. Ba ya dawowa sai da lambar waya da asusun Google ɗin da aka yi ajiyar da su, kuma tayin maidowar yana fitowa ne sau ɗaya, daidai bayan an tabbatar da lamba. Wanda ya tsallake sai ya cire manhajar ya sake sakawa, idan kuwa kafin nan sabuwar wayar ta yi tata ajiyar, to ta hau kan tsohuwar ta shafe ta. Daga 2024 kuma ajiyar WhatsApp na cin wuri daga cikin gigabait 15 ɗin nan, don haka wanda bidiyon zaurukan hira suka cika masa wuri ajiyarsa kan tsaya.

Da muka koma kan sabuwar muka zaɓi ajiyar, sai ta nemi makullin allo. Kawu ya fara sa wanda yake so ya riƙa amfani da shi, ta ƙi. Makullin tsohuwar wayar take nufi, domin da shi aka kulle kwafin. Bayan haka ta jero manhajojin da za ta sauko da su, muka cire alamar waɗanda ba ya buƙata, tunda kowace sai an sauko da ita sabuwa daga Play Store, kuma datata ce ke tafiya.

Akwai iyakoki biyu da ya kamata a sani. Ajiyar wayar da aka daina amfani da ita ba ta dawwama: Google na goge ta idan wayar ta yi kwana 57 ba a aiki da ita, ban da hotunan da ke Google Photos. Haka kuma ajiyar da aka yi daga sabon Android ba ta zuba a wayar da ke kan wanda ya girme shi.

Masu cewa a tsallake, da masu cewa a bar wa gwani

Masu tsallake komai suna da hujja. Data tsada gare ta, sabis ba ya tabbata, kuma akwai waɗanda hankalinsu bai kwanta a ce hotunan iyalinsu na ajiye a hannun wani kamfani na wata ƙasa ba. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma tsarin ya ba da damar rabawa: ana iya barin lambobi su riƙa shiga asusu, wanda datarsa kaɗan ce ƙwarai, a bar hotuna a kashe. Abin da suke rasawa shi ne, a wayoyi da yawa tayin maido da komai gaba ɗaya a kunnawar farko yake fitowa, wanda ya wuce shi kuma sai ya goge wayar ya faro daga farko kafin ya sake ganinsa.

Masu miƙa wa yaron shago su ma ba su yi laifi ba, domin yaran sun fi kowa sanin shafukan, kuma akasarinsu ba cuta suke nufi ba. Sauri ne da cunkoson masu jira ke sa su rubuta lambarsu da kalmar sirrin da suke sa wa kowa. Amma sakamakon ɗaya ne ko da niyya ko babu: wanda ke da adireshin da kalmar sirrin zai iya ganin lambobi da hotunan da aka adana, kuma zai iya kulle wayar ko goge ta daga nesa. Abin ya fi shafar dattawa da matan aure, waɗanda sau da yawa ba su ne ke zuwa shagon ba, aike ake yi. Idan za a nemi taimako, to mai wayar ko wani nasa ya zauna a wurin, a sa layinsa, shi ya zaɓi kalmar sirrin, a kuma rubuta adireshin a takarda kafin a tashi.

Abin da ya rage a kan tsohuwar waya

Kawu ya so ya miƙa wa ɗansa tsohuwar a daren nan, na roƙe shi ya jinkirta. Dalili na farko, Google na shawartar wanda ya sauya kalmar sirri ya jira awa 24 kafin ya goge waya, mu kuwa da la'asar ɗin nan muka sauya. Na biyu, bayan an sauya lambar ceto a asusu, ana iya ci gaba da tura saƙon tabbatarwa zuwa tsohuwar lambar har tsawon kwana 7, don haka tsohuwar wayar ita ce shaidarmu idan wata tambaya ta taso. Muka bar ta mako guda a cikin akwatinsa, yana duba ko akwai lambar da ya nema ya rasa a sabuwar. Da makon ya cika na dawo, muka shiga Settings muka cire asusun tukuna, muka cire makullin allo, sannan muka goge ta daga cikin Settings. Da yaron ya kunna, ta yi masa maraba ba ta nemi asusun mahaifinsa ba, ya shiga da nasa.